Gyaran sanarwar fara karɓar kati da taransifa a shago: abin da za a cire da abin da dole ya zauna

Ranar da mai shago ya karɓo na'urar karɓar kati, wadda aka fi sani da POS, ya kuma ware asusun da za a riƙa tura masa kuɗi, abu na gaba da yake yi shi ne rubuta sanarwa, ko dai ya liƙa ta a gaban teburin biyan kuɗi ko kuma ya aika wa abokan cinikinsa ta waya. Yawancin irin waɗannan sanarwoyi kamanninsu ɗaya ne, murna ta cika su, bayani kuwa ya yi ƙaranci. Ga misalin daftarin farko, irin wanda mutum ke rubutawa a zama guda yana cike da zumuɗi:

"Muna farin cikin sanar da ɗimbin abokan cinikinmu masu daraja cewa, a ƙoƙarinmu na tafiya da zamani da kuma sauƙaƙa muku harkokin saye, yanzu shagonmu ya fara karɓar kowane irin biyan kuɗi na zamani. Kuna iya biya da kati ko ta taransifa cikin sauƙi da sauri, ba tare da wata matsala ba. Da zarar kun tura kuɗi, sai ku nuna mana shaida ku karɓi kayanku. Mun gode da kasancewa tare da mu."

Babu kuskuren nahawu a wannan rubutu, kuma babu rashin ladabi a cikinsa. Aibinsa shi ne ya ɗauki alkawura uku waɗanda shagon ba shi da ikon cika su, sannan ya yi shiru a kan tambaya ɗaya tilo da ke haddasa gardama tsakanin mai saye da mai karɓar kuɗi, wato a wane lokaci ne za a ce an biya. Duk aikin gyaran sanarwar a kan wannan tambaya ya rataya, kuma ba za a iya amsa ta ba sai an fahimci cewa kati da taransifa hanyoyi ne biyu da kuɗi ke bi ta fuskoki mabambanta.

A biya da kati, shago ne ke neman kuɗin. Mai karɓar kuɗi ne ke rubuta adadin a na'ura, mai saye ya zura katinsa ta gefen da ɗan cif ɗin yake, ya danna lambar sirrinsa, wadda galibi lambobi 4 ce, ko kuma ya kara katin a jikin na'urar idan katin da na'urar duk suna da alamar karawa. Daga nan na'urar za ta aika tambaya zuwa bankin ko kamfanin da ya ba shagon na'urar, shi kuma ya miƙa ta ta hanyar kamfanin da tambarinsa ke jikin katin, kamar Visa ko Mastercard ko wani tsarin kati na cikin ƙasa, har ta isa bankin da ya ba mai saye katin. Wannan banki na ƙarshe shi ne mai yanke hukunci: yana duba ko katin yana aiki, ko akwai isassun kuɗi, ko cinikin bai zarce iyakar da aka sa wa asusun ba, sannan ya maido da amsa ta hanyar da tambayar ta biyo. Duk wannan kai-komo a 'yan daƙiƙoƙi yake ƙarewa, kuma sakamakonsa shi ne kalmar da ke fitowa a allon na'ura da kan rasit, APPROVED idan an amince, DECLINED idan an ƙi.

Akwai wani abu a nan da masu shago da yawa ba sa lura da shi sai sun duba asusunsu da yamma sun ga bai motsa ba. Amincewar da ta fito a rasit tabbaci ne daga bankin mai saye cewa ya ware kuɗin domin wannan ciniki, amma shigar kuɗin asusun shago mataki ne na daban da ke zuwa daga baya, wani lokaci nan take, wani lokaci washegarin ranar aiki ko ma fiye, gwargwadon yarjejeniyar da shagon ya sa wa hannu. Saboda haka a ɓangaren kati, shago ba ya jiran ganin kuɗi a asusunsa kafin ya miƙa kaya. Na'urarsa ce shaidarsa, kuma na'urar a hannunsa take.

A taransifa kuwa lamarin ya juya. Mai saye ne ke buɗe manhajar bankinsa ko ya danna lambobin banki a wayarsa, ya zaɓi bankin shagon, ya rubuta lambar asusu da adadin kuɗi, ya tabbatar da lambar sirrinsa, bankinsa ya cire kuɗin ya tura. Shago ba shi da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma duk abin da ke bayyana yana bayyana ne a wayar da ba tasa ba. Idan allon mai saye ya nuna Successful, abin da hakan ke tabbatarwa shi ne bankinsa ya karɓi umarnin, amma ba lallai ne kuɗin ya riga ya sauka a ɗaya ɓangaren ba. Inda ake da tsarin tura kuɗi na nan take, saukar kan ɗauki daƙiƙoƙi ne kawai idan komai na tafiya daidai, amma cunkoso ko matsalar sadarwa tsakanin bankuna biyu na iya riƙe shi na tsawon lokaci, kuma inda ake tara taransifa a aika da su rukuni-rukuni, jiran kan kai sa'o'i ko har ranar aiki ta gaba. Don haka a ɓangaren taransifa, shaidar da shago zai dogara da ita guda ɗaya ce: ganin kuɗin a cikin asusunsa, a na'urarsa.

Da wannan fahimta sai mu koma ga daftarin, mu fara da jimlar da ta fi kowace haɗari, wato "ku nuna mana shaida ku karɓi kayanku". Wanda ya rubuta ta da kyakkyawar niyya ya rubuta, yana son ya nuna wa mutane cewa ba za a wahalar da su ba, amma abin da ya yi a zahiri shi ne ya miƙa hukuncin ciniki ga wayar mai saye. Hoton rasit abu ne da ake iya gyara shi, a canza adadi ko kwanan wata. Rasit na gaskiya na wata taransifar da aka yi a makon jiya ana iya sake nuna shi a yau. Taransifar da aka tsara za ta tafi gobe tana iya fitar da shafin da ya yi kama da na wadda ta riga ta tafi, sannan a soke ta bayan an bar shagon. Hatta saƙon alat da ke shigowa wayar mai shago ba hujja ba ne shi kaɗai, domin sunan mai aikowa da ke bayyana a saman saƙon tes ana iya ƙirƙirar sa, saƙon ƙarya ya shigo ya zauna a ƙarƙashin saƙonnin banki na gaskiya kamar ɗan gida. Abin da ba a iya ƙirƙira daga waje shi ne tarihin shige da ficen kuɗi a cikin manhajar bankin shagon. A can ne mai karɓar kuɗi zai duba abubuwa uku su dace da juna: adadin da ya shigo, sunan wanda ya turo, da lokacin da ya shigo. Adadi kaɗai ba ya isa, musamman a lokacin da mutane suka yi layi, domin mutum biyu na iya sayen kaya na kuɗi ɗaya, taransifar ɗaya ta shigo, ɗayan ya tafi da kaya a kan kuɗin ɗan'uwansa.

Jimlar da za ta maye gurbin waccan ita ce: "Za mu miƙa kaya da zarar mun ga kuɗin ya shigo asusunmu." A ganina wannan ita ce jimla mafi daraja a duk sanarwar, kuma ya kamata a lura da yadda aka gina ta. Ba ta zargi kowa ba, ba ta ambaci damfara ba, ba ta ce "saboda 'yan damfara" ba, wanda kan sa mai gaskiya ya ji kamar da shi ake. Ta faɗi ƙa'ida ce kawai wadda ta hau kan kowa, kuma amfaninta mafi girma yana ga yaron shago ko ma'aikaciyar da ke kan tebur, domin idan wani babba ya matsa musu lamba yana cewa yana sauri, suna da takardar da za su nuna, ba sai sun tsaya suna kare kansu ba.

Alkawari na biyu da dole a cire shi ne "ba tare da wata matsala ba". Matsala za ta zo, kuma wadda ta fi yawan zuwa a ɓangaren kati ta cancanci a bi ta dalla-dalla. Mai saye ya zura kati, ya danna lambar sirri, na'ura ta yi ta juyawa fiye da yadda ta saba, daga ƙarshe ta fitar da rasit mai ɗauke da DECLINED. Kafin ya mayar da katin aljihu sai wayarsa ta yi ƙara, bankinsa ya sanar da shi an cire kuɗin. Ya ɗaga wayar ya nuna wa mai karɓar kuɗi, ita kuma ta ɗaga rasit ta nuna masa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da galibi ya faru shi ne tambayar ta isa bankinsa, bankin ya amince ya cire kuɗin, amma amsar ta makara ko ta ɓace a hanyar dawowa, na'urar ta gaji da jira ta ɗauki cinikin a matsayin wanda bai yiwu ba. A irin wannan hali tsarin kan aika umarnin warware cinikin domin a mayar wa mai katin kuɗinsa, kuma sau da yawa kuɗin kan dawo da kansa. Idan bai dawo ba, bankin da ya ba shi katin ne wurin da zai kai ƙorafi, domin shagon bai karɓi komai ba, ba shi kuma da abin da zai mayar.

Abin da zai taimaki mutumin nan shi ne wannan rasit ɗin da aka ƙi, wanda yawancin mutane ke dunƙulewa su jefar cikin fushi. A jikinsa akwai kwanan wata da lokaci, da adadin kuɗi, da lambobin ƙarshe na katin, da lambar na'urar, da kuma lambar bin sawun cinikin da ake rubutawa RRN, mai gurabe 12, wadda da ita banki ke gano cinikin a cikin dubban irinsa. Na'urori da yawa kan buga wata gajeriyar lambar amsa ma, kuma yana da kyau mai karɓar kuɗi ya san kaɗan daga ciki: 00 na nufin an amince, 51 kuɗin asusu bai isa ba, 54 wa'adin katin ya ƙare, 55 lambar sirri ba daidai ba ce, 91 kuma ba a samu bankin mai katin ba a lokacin. Wannan sani yana da amfani a aikace. Idan 55 ta fito, sai a tunatar da mai saye ya nutsu kafin ya sake dannawa, tunda yawancin bankuna kan toshe kati bayan kuskure uku a jere. Idan 91 ce, sake zura katin sau uku ko huɗu a jere na iya sa a cire masa kuɗi fiye da sau ɗaya, don haka gara a ɗan jira ko a koma wata hanyar biya. Amma waɗannan lambobi na ma'aikata ne, wurinsu wata 'yar takarda ce a bayan tebur. A sanarwar jama'a jimla ɗaya ta wadatar: idan na'ura ta ƙi amma aka cire kuɗi, a riƙe rasit ɗin, a tuntuɓi bankin da ya ba da katin.

Akwai jarabar da ya kamata marubucin sanarwa ya kauce mata a nan, ita ce ya ƙara da cewa kuɗin zai dawo cikin sa'o'i kaza. Wa'adin mayar da kuɗi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga banki zuwa banki, kuma ba shago ne ke riƙe da shi ba. Duk wanda ya rubuta adadin sa'o'i a bangon shagonsa ya ɗauko wa kansa bashin da wani ne zai biya, kuma ranar da wa'adin ya cika kuɗi bai dawo ba, ƙofarsa za a buga.

Takwarar wannan matsala a taransifa ita ce kuɗin da ya bar asusun mai saye bai sauka a na shago ba. A nan shawarar da sanarwa za ta bayar ita ce kada a sake turawa, domin taransifar da ta maƙale ko dai ta sauka daga baya ko ta koma wa mai ita, kuma wanda ya sake turawa cikin gaggawa yana iya wayar gari ya biya sau biyu. Abin da shago zai iya alkawartawa, domin yana hannunsa, shi ne ya ajiye wa mutumin kayansa a gefe da sunansa har kuɗin ya bayyana. Wannan alkawari ƙarami ne, amma shi ne ke sa ƙa'idar jiran shigowar kuɗi ta zauna wa mai gaskiya ba tare da ɓacin rai ba.

Alkawari na uku, "kowane irin biyan kuɗi na zamani", gyaransa ba ya buƙatar dogon bayani. Babu na'urar da ke karɓar kowane kati, kuma katin da aka bayar a wata ƙasa ba lallai ne ya wuce ba sai idan an buɗe wa shagon wannan damar. A tambayi wanda ya ba da na'urar, a rubuta sunayen katunan da take karɓa, a tsaya a nan.

Bayan cire-cire sai abin da daftarin bai ambata ba sam, kuma shi ne ginshiƙin taransifa: bayanan asusu. Sanarwa ta ƙunshi sunan banki, lambar asusu, da sunan da ke kan asusun harafi da harafi kamar yadda banki ya rubuta shi. Na ukun nan shi aka fi mantawa, alhali shi ne ke kare mai saye, domin manhajojin bankuna da yawa kan nuna sunan mai asusu kafin a tabbatar da turawa, kuma wannan ita ce damar ƙarshe ta gano cewa an yi kuskuren lamba ɗaya. Kuɗin da aka tura wa baƙo bisa kuskure dawo da shi aiki ne mai wahala da ɗaukar lokaci, saɓanin kati da ke da tsarin ƙalubalantar ciniki ta hannun banki. Idan sunan da ke kan asusun ya bambanta da wanda ke rubuce a allon shago, kamar inda aka yi rajistar kasuwancin da wani suna, dole sanarwa ta faɗi haka a fili, in ba haka ba mai lura zai tsaya yana shakka, marar lura kuma zai saba da tura kuɗi ga sunan da bai gane ba. Ya kamata kuma asusu ya zama ɗaya, a ce shi kaɗai ne, domin hakan yana rufe ƙofar da ma'aikaci zai ba da nasa asusun da sunan cewa na shago yana da matsala. Ita ma takardar da ke ɗauke da lambar tana son a riƙa duba ta lokaci-lokaci, tunda liƙa wata lamba a kan ta asali ba ya ɗaukar minti guda.

Batun caji shi ma ba a barin sa a duhu. Bankin ko kamfanin da ya ba da na'urar yana cire wani kaso daga cinikin kati, kuma ko shago yana da izinin ɗora wannan kaso a kan mai saye abu ne da ya danganta da dokar wurin da kuma yarjejeniyar na'urar, don haka a karanta su kafin a rubuta komai. Idan babu ƙari, a faɗa, domin jimla ce mai kwantar da hankali. Idan akwai kuma an halatta, a faɗe shi tun kafin a zura kati, kada mutum ya fara ganin sa a rasit.

Ga yadda sanarwar za ta kasance bayan gyara, da guraben da kowane shago zai cike da nasa:

"Daga ranar …, za ku iya biya da kati ko taransifa, kuma har yanzu muna karɓar tsabar kuɗi.

Biya da kati: muna karɓar katunan …. Ku duba adadin da ke allon na'ura kafin ku danna lambar sirri, kuma ku danna ta da kanku. Ma'aikacinmu ba zai tambaye ku ita ba. Biya ya kammala idan rasit ya nuna APPROVED. Idan ya nuna DECLINED amma aka cire muku kuɗi, ku riƙe rasit ɗin ku tuntuɓi bankin da ya ba ku katin.

Biya ta taransifa: banki …, lambar asusu …, sunan asusu …. Wannan ne kaɗai asusunmu, ku tabbatar sunan ya fito daidai kafin ku tura. Za mu miƙa kaya da zarar mun ga kuɗin ya shigo asusunmu. Idan ya yi jinkiri kada ku sake turawa, za mu ajiye muku kayanku.

Babu ƙarin caji a kan ko wace hanya. Idan za a mayar da kuɗi, ta katin ko asusun da aka biya da shi za a mayar."

Mai karatu zai lura cewa sabuwar sanarwar ta fi tsohuwar tsawo, kuma wannan ba saɓani ba ne da maganar tsuke rubutu, domin abin da aka tsuke shi ne kalmomin da ba sa canza abin da mutum zai yi a gaban tebur. "Ɗimbin abokan cinikinmu masu daraja" da "tafiya da zamani" sun tafi, gurbinsu kuma ya koma ga ranar farawa, da tabbacin cewa ba a daina karɓar tsabar kuɗi ba, wanda shi ne abin da mutum marar kati zai fara nema da idonsa. An raba hanyoyin biyu kowace da sakin layinta, saboda mai tsaye a layi ɓangaren da ya shafe shi kawai yake karantawa. Umarnin duba adadi a allo ya shigo ne domin sifili ɗaya da yatsa ya ƙara bisa kuskure yana ninka kuɗi sau goma, kuma gyara shi kafin a danna lambar sirri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jimlar ƙarshe ta mayar da kuɗi tana toshe wata tsohuwar dabara, inda mutum zai biya da katin da ba nasa ba ko ya ce ya turo fiye da ƙima, sannan ya nemi a ba shi ragowar a hannu ko a tura wani asusu daban.

Kafin a liƙa takardar, sauran gwaji biyu. Na farko, wani ya ɗauki wayarsa ya kwafi lambar asusun daga kan takardar da aka buga, ba daga ƙwaƙwalwar mai shago ba, ya tura ɗan ƙaramin kuɗi, a ga sunan da ya fito da kuma inda kuɗin ya sauka. Na biyu, a tambayi wanda zai tsaya a kan tebur yadda zai tabbatar da shigowar taransifa idan mai shagon ba ya nan. Idan amsarsa ita ce sai ya kira waya ya jira a duba masa, to jimlar "da zarar mun ga kuɗin" ba ta da ƙafar tsayawa tukuna, kuma sai an ba shi hanyar ganin kuɗin da ke shigowa, irin wadda ba ta ba shi ikon fitar da komai, kafin sanarwar ta hau bango.